Shawarwari ga gidan da ke ba da kaya bashi: yadda ake karanta jadawalin daɗewar bashi, da wanda ya kamata a fara bi

Gidaje da yawa da ke sana'a, masu kiwon kaji ne ko masu ruwan leda ko masu sarin atamfa, suna da littafin bashi, kuma in ka tambaye su nawa suke bin mutane za su faɗa maka jimilla nan take. Amma jimillar ba ta faɗar wanda za a fara nema gobe da safe. Abin da ke faɗar haka shi ne jadawalin daɗewar bashi, wato takardar da ke raba bashin kowane kwastoma gida-gida gwargwadon kwanakin da ya yi bayan cikar wa'adi. Masu amfani da manhajar lissafi irin QuickBooks za su same shi da sunan A/R Aging Summary, masu littafi kuma da biro da rula za su iya zana shi a shafi ɗaya.

Mu ɗauki misalin gidan da ke kiwon kajin ƙwai a bayan garin Kano. A ce kiret ɗaya naira 5,000 ne, ribar gidan a kowane kiret naira 400, kuma wa'adin biya kwana 14 ne ga kowa, sai makaranta da aka ba kwana 30. Ga yadda jadawalinsu ya fito a ƙarshen wata:

| Kwastoma | Wa'adi bai cika ba | 1–30 | 31–60 | 61–90 | Sama da 90 | Jimilla |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Makarantar kwana | 600,000 | 300,000 | | | | 900,000 |
| Mai gidan burodi | 160,000 | 160,000 | 200,000 | 120,000 | | 640,000 |
| Mai gidan abincin da ya rufe | | | | | 320,000 | 320,000 |
| Dila a kasuwa | 200,000 | | | 50,000 | | 250,000 |
| Mai shayi | 40,000 | 50,000 | | | | 90,000 |
| Jimilla | 1,000,000 | 510,000 | 200,000 | 170,000 | 320,000 | 2,200,000 |

Ido zai fara faɗawa kan makaranta saboda kuɗinta ya fi yawa, zuciya kuma ta tafi kan mai gidan abinci saboda nasa ya fi daɗewa kuma ya fi ciwo. A ganina duka biyun ba su ne abin tsoro ba a wannan takarda. Ga dalili, bi da bi.

1. Ku fara sanin daga wace rana ake ƙirga kwanakin.

Akwai jadawalin da ke ƙirgawa daga ranar da aka ba da kaya, akwai wanda ke ƙirgawa daga ranar da wa'adi ya cika. Bambancin ba ƙarami ba ne. Ƙwan da aka kai wa makaranta kwana 25 da suka wuce, in an ƙirga daga ranar kai kaya zai zauna a gidan 1–30 kamar an makara, alhali makarantar tana da sauran kwana biyar cikin wa'adinta. Wanda ya je yana buga ƙofa a kan irin wannan kuɗi ya zubar da mutuncinsa a banza, kuma ya ɓata wa mai biya rai. Na fi son a ƙirga daga cikar wa'adi, domin shi ne ke nuna wanda ya saɓa alkawari. A manhaja, gidan da aka rubuta Current shi ne kuɗin da lokacinsa bai yi ba. Mai amfani da Excel, in ranar wa'adi tana ɗakin D2, wannan ya ishe shi, muddin ya sa ɗakin amsar a tsarin Number:

```
=TODAY()-D2
```

In amsar ta fito ƙasa da sifili, wa'adi bai cika ba.

Wannan yana nufin dole kowane kaya ya fita da ranar biya a rubuce. “Sai an kwana biyu” ko “in kasuwa ta yi” ba rana ba ce, kuma bashin da ba shi da rana ba ya shiga kowane gida a jadawali. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da ƙayyade lokacinsa ta sauka, saboda haka babu abin jin nauyi a ce wa ɗan'uwa a rubuta.

2. Ku wanke takardar kafin ku kira kowa.

Jadawali yana nuna abin da aka shigar ne kawai. A wannan gida, kafin uwargida ta zauna da littafi da wayar da alat ke shigowa, sunan mai shayi yana ɗauke da naira 130,000. Da ta bi saƙonnin banki ɗaya bayan ɗaya, sai ta ga naira 40,000 da suka shigo da sunan wani mai POS, ba wanda ya san na waye. Ta tambayi yaron da ke kai kaya, ya ce ai mai shayi ya gaya masa ya tura, shi ne ya manta bai faɗa ba. Shi ya sa a jadawalin da ke sama bashinsa ya koma 90,000.

Abubuwa uku ake dubawa: kuɗin da ya shigo da sunan wani, mata ko ɗa ko mai POS, kuɗin hannu da aka ba yaro ko direba bai kai littafi ba, da kayan da aka dawo da su ba a cire ba. A manhaja, in kuka ga lamba mai alamar ragi ko wadda aka sa cikin baka a layin kwastoma, yawanci kuɗi ne da ya biya amma ba a ɗora shi kan takardar kayan da ya biya ba. Sai a ɗora shi tukuna.

Sannan gida ya tsayar da doka ɗaya: duk kuɗin da kwastoma ya kawo, a fara goge bashinsa mafi daɗewa da shi, sai in shi da bakinsa ya ce na kaya kaza ne. In yau an goge sabo, gobe an goge tsoho, gidajen jadawalin ba za su ƙara faɗar gaskiya ba.

3. Ku karanta layin ƙasa, ku ajiye shi kusa da na watan jiya.

Ana bin mutane naira 2,200,000, amma miliyan ɗaya cikinsu lokacinsa bai yi ba. Abin da ya wuce wa'adi 1,200,000 ne, ya ɗan haura rabi. Wanda ya wuce kwana 60 kuwa 490,000 ne, fiye da ɗaya cikin biyar na dukan bashin. Wannan lambar ta ƙarshe ita ce za ku riƙa rubutawa a gefen littafi kowane wata. In tana hawa wata bayan wata, gidan yana sayar da ƙwai amma jarinsa yana komawa aljihun mutane, ko da ciniki yana ƙaruwa.

4. Ku duba siffar layin kowane mutum, domin a nan maganar take.

Kowane layi yana da labarin da yake bayarwa, kuma wanda ya saba yana gane shi tun kafin ya karanta lambobin.

Layin makaranta ya taru a hagu. Kashi biyu cikin uku na kuɗinta bai kai wa'adi ba, sauran 300,000 kuma bai fi ’yan kwanaki da makara ba. In aka duba baya aka ga haka ta saba, tana makara da mako ɗaya ko biyu sannan ta biya gaba ɗaya, to wannan jinkirin ofis ne: takarda tana jiran sa hannun shugaban makaranta, ko ranar da ake fitar da kuɗi ba ta zo ba.

Layin dila yana da rami a tsakiya. Yana biyan sabon kaya a kan lokaci, amma ga 50,000 zaune can a gidan 61–90 su kaɗai. Mutumin da ba shi da kuɗi ba ya biyan sabo ya bar tsoho haka. Irin wannan layi kusan kullum rigima ce ba a warware ba. Da aka bincika, kiret 10 ne da ya ce sun iso masa a fashe ranar da motar ta faɗa rami, ya gaya wa direba, direba bai kai maganar gida ba. Shi a wurinsa ba a binsa komai.

Layin mai gidan abinci yana can dama, babu komai a hagu. Ya daina karɓar kaya, ya rufe shago. Bashin ya riga ya tsufa, kuma ko yau kuka je ko mako mai zuwa, halinsa ɗaya ne.

Layin mai gidan burodi kuwa matakala ce: akwai kuɗi a kowane gida tun daga hagu har 61–90. Wannan shi ne layin da ya kamata ya hana maigida barci. Ku duba abin da ya faru cikin wata ɗaya. A ƙarshen watan jiya ana binsa 520,000. A wannan wata ya karɓi ƙwai na 240,000, ya biya 120,000, bashi ya zama 640,000. Wato duk naira biyu da ya ɗauka, ɗaya yake mayarwa. Saboda yana kawo wani abu kowane lokaci, kowa a gidan yana ganinsa mai biya ne, ana gaisawa da fara'a, ana loda masa kaya. Akwai kuma alama ta biyu da ta fi wannan muni. Kayan da ya ɗauka cikin mako biyun nan kawai, 160,000, sun kai abin da ya rage a kansa na kwana 30 da suka gabace su. Wanda biyansa ke raguwa amma ɗaukarsa ke ƙaruwa, sau da yawa wasu masu ba shi kaya ne suka rufe masa ƙofa, ya dawo da dukan buƙatarsa wurin wanda bai farga ba. Ba lallai mugun nufi ba ne, wataƙila tsadar fulawa ko ta man injin wuta ce ta cinye masa jari. Amma ko mene ne dalili, kajinku ne ke ciyar da gidan burodinsa.

Don ganin wannan dalla-dalla, a manhaja sai a buɗe A/R Aging Detail, wanda ke jera kowace takardar kaya da ranarta. A littafi kuma shafin mutumin za a buɗe.

5. Ku jera su da tambayoyi uku.

Nawa ne ya wuce wa'adi? Bashin yana ƙaruwa ko a tsaye yake? In na yi jinkirin mako biyu, me zan rasa? Tambaya ta uku ita ce mai yanke hukunci in biyun farko sun yi kunnen doki.

Mai gidan burodi shi ne na farko. Naira 480,000 nasa sun wuce wa'adi, sun fi na kowa, bashin yana hawa, kuma har yanzu yana buƙatar ƙwanku kullum, wanda shi ne abin da kuke riƙe da shi. Ranar da ya koma wurin wani mai kaji, ko ya rufe, layinsa zai zama irin na mai gidan abinci, kuma ninki biyu. A ribar naira 400 a kiret, sai gidan ya sayar da kiret 1,200 kafin ya mayar da 480,000 in suka salwanta.

Makaranta ce ta biyu, ba don ana tsoron ta cinye ba, sai don kuɗin yana da yawa kuma kiran waya ɗaya zai iya fito da shi. Akwai kuma lokaci a ciki. In an kusa hutu, ofishin kuɗi zai rufe, 300,000 da ma 600,000 ɗin da ke bayansu su kwana har sai ɗalibai sun dawo sun biya kuɗin makaranta. A kira basa a tambaye shi kai tsaye: takardarmu ta iso, an sa hannu, wace rana ake biya? In sauran mako ɗaya a yi hutu, ni da wannan kiran zan fara da sassafe, sannan in kama hanyar gidan burodi, domin kiran bai wuce minti biyar ba.

Dila na uku, kuma nasa sulhu ne. A zauna da shi da direba, a yarda a kan abin da ya fashe, ko a raba asarar, ya biya 25,000 a goge sauran. Barin lambar a littafi wata uku ba ya ƙara komai sai ƙullaci da mutumin da ke sayen kaya da yawa kuma yana biya.

Mai shayi ba ya buƙatar maigida ya taka. Kuɗinsa na kullum ne, a hannu yake shigo masa da safe da dare. Yaron da ke kai ƙwai ya riƙa karɓo 2,000 kowace rana a kan tsohon bashi, cikin kwana 25 an gama da 50,000. Masu ƙaramin ciniki irin wannan wa'adin kwana 14 ma ya yi musu tsawo, gara na mako ɗaya.

Mai gidan abinci na ƙarshe. Na san wannan yana yi wa mutane wuyar haɗiya, domin shi ne wanda ake ambata a gida kullum cikin ɓacin rai. Amma yinin da kuka ɓata kuna zarya gidansa, a yinin ne mai burodi ya ɗauki wasu kiret ɗin.

6. Ku je wa na farko da lamba, da rana, da sharaɗi.

Kada a aika yaro, kuma kada a yi maganar a gaban ma'aikatansa. Maigida ya je da kansa da kwafin shafin, bayan gaisuwa ya ce: “Alhaji, na zo ne mu daidaita lissafi. Ga abin da ke littafinmu, 640,000, ka duba da naka. Wannan 120,000 ɗin ya haura wata biyu. Wace rana cikin makon nan zan same shi?” In ya ce, “Haba Malam, ai ni da kai ba ta ɓaci, in sha Allahu ina nan tafe,” sai a amsa da ladabi, “Allah ya yarda, Alhaji. Alhamis ko Asabar zan rubuta?”

Daga nan sai sharaɗi. Ba na ba da shawarar a yanke masa kaya gaba ɗaya, domin gidan burodin da ya tsaya ba ya biyan bashi. A daina ba shi sabon bashi dai: duk ƙwan da zai ɗauka daga yau kuɗi hannu, sannan ya ɗora 40,000 kowane mako a kan tsoho. In ya biya 120,000 a wannan mako, saura 520,000, wanda zai ƙare cikin mako 13. A rubuta wannan, ya sa hannu, a samu shaida. Kada a ƙara masa ko kwabo saboda jinkiri, wannan kuɗin ruwa ne.

Mako biyun farko su ne gwaji. Wanda matsi ya kama amma yana da niyya, zai kawo, ko ya kira kafin ranar ya ce ga abin da ya samu. Wanda ya fara ƙin ɗaukar waya, ko ya ce ya tura amma alat bai shigo ba, ko kuka ga motar wani mai kaji a ƙofarsa, to a tsayar da kaya, a sa wani dattijo da yake jin nauyinsa ko shugaban ƙungiyarsu ya shiga maganar tun yana da abin biya.

7. Tsohon bashi yana da nasa tsarin.

Sa mai gidan abinci a ƙarshe ba yafewa ba ne. Abin da ake buƙata daga gare shi yanzu shi ne ya amsa bashin a rubuce, da adadinsa, sannan a yanka masa abin da zai iya, ko 10,000 ne a wata, a riƙa tuntuɓarsa sau ɗaya a wata. Kuma ku binciki halinsa da gaske. In karyewa ya yi, addini ya yi umarni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, kuma yafewa sadaka ce. In kuwa ya buɗe wani shagon a wata unguwa yana ciniki, to mai hali ne yake ja muku rai, kuma akwai kotun ƙananan basussuka, wadda Legas ta kafa a 2018, Kano ta bi baya a 2019, inda mutum ke iya tsayawa da kansa ba tare da lauya ba, bayan ya fara aika takardar neman biya. Kada ku kai shi caji ofis, domin Dokar ’Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniyar ciniki kawai.

Ko wanne ne, ku cire 320,000 ɗin nan daga kuɗin da kuke sa rai da shi wajen sayen abincin kaji. A ce nan da kwana goma gidan yana buƙatar 600,000 na abinci. Abin da za a iya dogara da shi daga tsohon bashi shi ne 300,000 na makaranta, 120,000 da 40,000 na mai burodi, 25,000 na dila, da 20,000 na mai shayi, wato 505,000. Sauran 95,000 daga cinikin kuɗi hannu za su fito, ko daga 200,000 na dila da wa'adinsu zai cika cikin kwanakin.

8. Ku sa masa rana.

Mai sayar da atamfa ko kayan ɗaki zai iya zana jadawali sau ɗaya a wata. Mai ƙwai, mai burodi, mai ruwan leda, wanda kayansa ke fita kullum kuma jarinsa ke juyawa cikin kwanaki, ya zana duk mako, ya kuma rage faɗin gidajen zuwa 1–7, 8–14, 15–30 da sama da 30. Ku zaɓi yamma ɗaya, mai riƙe littafi da mai kai kaya da mai zuwa karɓar kuɗi su zauna tare, a ajiye na wannan mako kusa da na wancan, a fitar da sunaye uku kacal da za a nema, kowanne da adadin da za a tambaye shi da ranar da ya yi alkawari a baya. In ba ku taɓa yi ba, ku fara da manyan kwastomominku biyar a wannan makon, sauran su biyo baya.